Kankare nawa gindin ginshiƙi zai ci? Lissafin da ya kamata mai gini ya iya

A yawancin gine-ginen zamani, musamman na bene, ba bango ne ke ɗaukar nauyin gida ba. Nauyin dekin, da na bangon sama, da na mutane da kayansu, duk yana gangarowa ne ta cikin ginshiƙai, waɗanda magina ke kira fila. Fila kuwa siririya ce. Wadda aka fi yi a gidajenmu inci tara ce kowane gefe, wato milimita 230 ko kusa da haka. Da za a dasa ta kai tsaye a kan ƙasa, da nauyin ya lumar da ita. Shi ya sa ake haƙa rami a ƙarƙashin kowace fila, a shimfiɗa ragar rodi, a zuba faffaɗan kankare wanda zai baza nauyin a kan ƙasa mai yalwa. Wannan kankaren shi ne gindin ginshiƙi, ko bes a bakin magina. Gindi mai faɗin mita 1.5 kowane gefe ya ninka ƙafar fila mai inci tara fiye da sau 40 a fili, don haka ƙasar da ke ƙarƙashinsa ba ta jin matsin da ya fi ƙarfinta.

A nan ne mai gida ke fara kashe kuɗi masu kauri, a nan ne kuma ake yawan samun saɓani tsakaninsa da magini. Wannan ya ce buhu hamsin ya isa, wancan ya ce sai tamanin. Idan aka gama aka mayar da ƙasa, babu mai sake ganin abin da aka binne. Alhali lissafin ba ya buƙatar komai sai tef na awo, da takarda, da kalkuletar da ke cikin waya.

Tun farko a rarrabe abu biyu. Girman gindin, da kaurinsa, da irin rodin da za a sa, aikin injiniya ne, domin shi ya san nauyin da kowace fila ke ɗauka da ƙarfin ƙasar wurin. Jar ƙasa mai marmara ba ɗaya take da baƙar ƙasa mai laka irin ta yankin tafkin Chadi ba, wadda ke kumbura da damina ta tsattsage da rani. Abin da ke hannun mai gida da magini shi ne su karanta awon da ke jikin zane, su mayar da shi yawan kankare, sannan su mayar da kankaren buhunan siminti da yashi da tsakuwa.

Siffofi uku na gindi

Gindin da ya fi sauƙi shi ne shimfiɗaɗɗe, mai kauri ɗaya daga gefe zuwa gefe. Na biyu mai hawa-hawa ne: faffaɗan kankare a ƙasa, ƙarami a kansa, wani lokaci har da na uku, sannan fila ta tashi daga na saman. Na uku mai gangare ne: yana farawa da miƙaƙƙen baki a ƙasa, sannan samansa ya tashi a karkace ta ɓangarori huɗu har ya isa wuyan fila.

Dalilin waɗannan siffofi ɗaya ne. Wahalar da gindi ke sha ba daidai take ko'ina ba. Kusa da fila ne ƙarfin da ke neman lanƙwasa kankaren ya fi tsanani, nan ne kuma fila ke neman huda shi ta wuce. Can bakin gefe kuwa aikin kaɗan ne. Saboda haka ake barin kauri a tsakiya a rage shi a gefe, a tsimi kankare ba tare da an taɓa ƙarfin ginin ba.

Ana auna kankare da kubik mita, wato cikin akwatin da tsawonsa, da faɗinsa, da zurfinsa duk mita ɗaiɗai ne. Zanen injiniya yawanci da milimita yake zuwa, don haka kafin a fara komai sai a raba kowace lamba da 1000. Idan an ga 1500 a rubuta 1.5, idan an ga 450 a rubuta 0.45. Wanda ya saba da ƙafa ya riƙe cewa ƙafa ɗaya mita 0.305 ce. Kada a haɗa ƙafa da mita a lissafi guda, domin yawancin amsoshin da ke fitowa a birkice daga nan suke samo asali.

Bari mu ɗauki gida guda mu bi shi har ƙarshe. Gida ne mai fila 12, kowace inci tara, kuma zane ya ce kowane gindi mita 1.5 ne tsawo, mita 1.5 faɗi, kaurinsa a gindin fila mita 0.45. Misali ne kawai don lissafi, kada wani ya kwafe shi ya kai filinsa.

Idan shimfiɗaɗɗe ne, sai a ninka tsawo da faɗi da kauri:

```
1.5 × 1.5 × 0.45 = 1.01
```

Kowane gindi zai ci kubik mita ɗaya da ɗan ɗoriya, goma sha biyun kuma su ci 12.15.

Mai hawa-hawa

Wannan ba shi da wani sirri. Kowane hawa akwati ne mai zaman kansa, sai a lissafa su ɗaya bayan ɗaya a tara. A ce hawan ƙasa mita 1.5 ne kowane gefe da kaurin 0.25, na sama kuma mita 0.9 kowane gefe da kaurin 0.20:

```
1.5 × 1.5 × 0.25 = 0.563
0.9 × 0.9 × 0.20 = 0.162
0.563 + 0.162 = 0.725
```

Kaurin da ke ƙarƙashin fila bai canja ba, yana nan 0.45, amma kankaren ya sauko daga 1.01 zuwa 0.725.

Wurin da ake tuntuɓe shi ne karatun zane. Wani zanen yana rubuta kaurin kowane hawa daban, wani kuma yana rubuta kaurin hawan ƙasa da jimillar kaurin gaba ɗaya. Wanda ya ga 250 da 450 ya ɗauka hawan sama ne mai 450, ya lissafa hawan ƙasa sau biyu a tsakiya ke nan, kuma zai ƙara wa kowane gindi kusan kubik 0.2 da babu shi. Hanyar kauce wa wannan ita ce a tara kaurin hawa-hawan a ga ko ya yi daidai da jimillar da ke jikin zane kafin a ci gaba.

Akwai kuma abin lura a wajen zubi. Gindi mai hawa biyu jiki ɗaya ne, haka injiniya ya lissafa shi. Ana zuba na ƙasa, a ɗora akwatin katako, a zuba na sama tun na ƙasa bai daskare ba. Idan siminti ya ƙare bayan hawan farko aka bari sai gobe, tsakaninsu zai zama haɗi mai rauni, kuma kaurin 0.45 ɗin da ake taƙama da shi ba lallai ya yi aiki a matsayin abu ɗaya ba. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa a san yawan kayan kafin a jiƙa buhu na farko.

Mai gangare

Nan ne lissafin ke buƙatar natsuwa. Gindi mai gangare kashi biyu ne. Na ƙasa akwati ne kamar waɗanda muka gani. Na sama kuwa siffar dalar gyaɗa gare shi, amma wadda aka sare mata kai: faffaɗan ƙasa, ƙaramin sama a baje, da gefe huɗu a karkace. Ana barin saman ya ɗan fi fila faɗi domin akwatin katakon fila ya sami wurin zama.

A misalinmu, bakin ƙasa yana da kaurin 0.20, gangaren ya tashi 0.25, samansa kuma mita 0.4 ne kowane gefe. Akwatin ƙasa ba wuya: 1.5 sau 1.5 sau 0.20 ya ba da 0.45. Saura dalar.

Mutane kan bi ɗaya daga cikin gajerun hanyoyi biyu, kuma duka biyun ba su kai wa ga gaskiya. Na farko yakan ɗauki filin ƙasa, wato 2.25, da filin sama, wato 0.16, ya haɗa ya raba biyu, ya ninka da tsayin 0.25. Amsarsa 0.301. Na biyu yakan ce tsaka-tsakin 1.5 da 0.4 shi ne 0.95, sai ya ɗauki dalar a matsayin akwati mai gefen 0.95, ya sami 0.226. Ga mutum biyu, zane ɗaya, amma amsar ɗaya ta fi ta ɗaya da kashi ɗaya bisa uku. Na farko ya zarce, na biyu ya gaza.

Abin da ya jawo haka shi ne dalar tana tsukewa ne ta tsawo da ta faɗi lokaci guda. Da ta gefe ɗaya kawai take tsukewa, da raba biyun ya wadatar. Amma tunda duka ɓangarorin na raguwa tare, filin yana zubewa da sauri a ƙasa-ƙasa, sannan ya riƙa raguwa a hankali yayin da ake kusantar sama. A tsakiyar tsayin, filin 0.90 ne, ba 1.2 da raba biyu ke nunawa ba.

Hanyar da ke ba da amsa daidai tana amfani da filaye uku: na ƙasa, na sama, da na tsakiyar tsayi. Ana ba na tsakiya nauyi huɗu, sauran biyun nauyi ɗaiɗai, a tara, a ninka da tsayi, a raba shida:

```
V = h/6 × (A1 + A2 + 4 × Am)
```

A nan h shi ne tsayin gangaren kaɗai, ba tare da bakin ƙasa ba, kuma a miƙe ake auna shi daga ƙasa zuwa sama, ba a bin karkatar gefe. A1 filin ƙasa ne, A2 filin sama, Am kuma filin tsakiya. Ana samun Am ta hanyar ɗaukar tsaka-tsakin tsawon ƙasa da na sama, da tsaka-tsakin faɗin ƙasa da na sama, a ninka su. A misalinmu 0.95 sau 0.95 ne, wato 0.9025.

```
2.25 + 0.16 + 3.61 = 6.02
6.02 × 0.25 / 6 = 0.251
0.45 + 0.251 = 0.70
```

Dalar ta ci 0.251, gindin gaba ɗaya kuma 0.70. A fila 12, jimilla ta zama 8.41. Da an bi mutum na farko, da an sayi kayan kubik 0.6 na banza, kusan buhu huɗu na siminti da yashinsu da tsakuwarsu. Da an bi na biyu, da an rasa kubik 0.3, kusan rabin gindi guda, kuma sai a ramin ƙarshe za a gane, lokacin da la'asar ta yi sanyi leburori suna jiran sallama.

A littattafan makaranta an fi ganin wata hanyar, wadda take ba da amsa iri ɗaya idan ƙasan da saman siffarsu ɗaya ce:

```
V = h/3 × (A1 + A2 + √(A1 × A2))
```

Wannan ilimi ba sabo ba ne. A wata tsohuwar takardar lissafi ta Masar, wadda aka rubuta wajen shekara 1850 kafin haihuwar Annabi Isa, yanzu kuma take ajiye a birnin Mosko, akwai tambaya a kan dala mai yankakken kai: gefen ƙasa 4, gefen sama 2, tsayi 6. Amsar da marubucin ya bayar 56 ce, kuma duk wanda ya gwada da ɗaya daga cikin hanyoyin nan biyu 56 ɗin zai samu.

Duk da haka na fi ba mai gini shawarar ya riƙe hanyar raba shida. Ba ta buƙatar komai sai tarawa da ninkawa, kuma tana aiki daidai ko da siffar ƙasa da ta sama sun bambanta. Misali, gindi mai tsawon 1.8 da faɗin 1.2, samansa 0.4 kowane gefe, gangarensa 0.3. Filin ƙasa 2.16, na sama 0.16, na tsakiya kuma 1.1 sau 0.8, wato 0.88. Idan aka tara 2.16 da 0.16 da 3.52 aka sami 5.84, aka ninka da 0.3 aka raba shida, amsar 0.292 ce.

Wanda ya kwatanta 8.41 da 12.15 zai ga cewa gangaren ya tsimi kusan kubik 3.7, wato sama da buhu 20 na siminti. Amma yana da nasa sharuɗɗan. Kankaren da za a yi gangare da shi dole ya kasance mai kauri, domin mai ruwa-ruwa gangarowa zai yi ya baje. Idan gangaren ya yi tsaye da yawa sai an rufe shi da katako ta sama. Kuma ba a yarda bakin gefe ya sirance, saboda rodin da ke kwance a ƙasa yana buƙatar kankare ya lulluɓe shi. Idan zane ya ce shimfiɗaɗɗe, ba hurumin mai gida ko magini ba ne su saɓe gefensa don rage kuɗi, sai da sa hannun injiniya.

Abin da ake mantawa

Lissafin gindi kaɗai bai cika aikin rami ba. Kafin a ajiye ragar rodi, ana zuba siririn kankare mai kaurin milimita 50 a ƙasan ramin, wanda magina ke kira blandin, domin ya daidaita wurin ya kuma raba rodi da ƙasa. A ramin 1.5 kowane gefe zai ci 0.11, ramuka 12 kuma 1.35. Ba a cire wannan daga kaurin gindi. Idan zane ya ce 450, to 450 ɗin daga saman blandin ake fara ƙirga shi.

Sai wuyan fila, daga saman gindi zuwa inda za a fito daga ƙasa. Idan tsayinsa 0.9 ne, kowane zai ci 0.23 sau 0.23 sau 0.9, wato 0.048, goma sha biyun kuma 0.57. Shi kuwa rodin da ke cikin kankare ba a cire wurin da ya tare, domin bai taka kara ya karya ba.

Babban mai cin kankare a ɓoye shi ne ramin kansa. A wurare da yawa ba a kafa katako a gefen gindi, bangon ramin ne ke zama akwati. Idan masu haƙa suka wuce layi da santimita biyar kacal a kowane gefe, ramin ya koma 1.6 maimakon 1.5, filinsa kuma ya tashi daga 2.25 zuwa 2.56. Ƙarin kusan kashi 14 cikin ɗari ke nan, kuma ido ba zai gani ba, sai tef. Don haka kafin a sayi kaya, a sauka cikin kowane rami a auna tsawo da faɗi a can ƙasa inda kankaren zai zauna, ba a bakin rami ba. Inda ƙasa mai rairayi ce tana zaftarewa, kuɗin katako ko na jera bulo a gefe ya fi sauƙi a kan kankaren da zai tafi cike gurbi. Idan kuma an zurfafa fiye da kima, ba a mayar da sakakkiyar ƙasa a cike, da kankaren blandin ake cikewa, shi ma sai a sa shi a lissafi. Bayan duk wannan, a ƙara kashi 5 cikin ɗari saboda abin da ke zuba a hanya da wanda ke maƙalewa a baro, ko kashi 10 idan ramukan ba su fita sumul ba.

Daga kubik zuwa buhu

Kubik ɗaya na busassun kaya ba ya ba da kubik ɗaya na kankare. Idan aka kwaɓa, yashi yana shigewa tsakanin tsakuwa, siminti kuma ya shige tsakanin yashi, sai tulin ya sauka. Ma'aunin da masu ƙiyasi suka saba amfani da shi shi ne a ninka da 1.54. A haɗin 1:2:4, wato awo ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, kowane kubik na kankare yana cin kimanin buhu 6.3 na siminti mai kilo 50, da yashi kubik 0.44, da tsakuwa kubik 0.88. A wurin aiki, buhu ɗaya kusan kwanon sarki biyu ne, don haka kowane buhu yana tafiya da kwano huɗu na yashi da takwas na tsakuwa, a shafe ba a tsotse ba. Idan injiniya ya rubuta haɗin da ya fi wannan ƙarfi, nasa za a bi, kuma siminti zai ƙaru.

Mu kammala gidanmu mai gindi mai gangare. Gindi 8.41, wuyan fila 0.57, jimilla 8.98. Da ƙarin kashi 5 ya zama 9.43. Siminti buhu 60 ke nan, yashi kubik huɗu da ɗan ɗoriya, tsakuwa takwas da ɗan ɗoriya. Blandin kuma, wanda akan yi da haɗin 1:3:6 mai cin kimanin buhu 4.4 a kubik, zai ɗauki buhu 6 zuwa 7 da nasa yashin da tsakuwar. Yashi da tsakuwa da tifa ake sayensu, tifofi kuma girmansu ba ɗaya ba ne, don haka a auna tsawo da faɗi da zurfin bodin a san kubik nawa take ɗauka kafin a yi ciniki.

Amfanin wannan lissafi bai tsaya a wurin saye ba, ranar zubi ma yana aiki. Gindi mai kubik 0.70 ya kamata ya ci buhu huɗu da rabi ko kusa da haka. A tsaya a kan ramin farko a ƙirga buhunan da aka fasa. Idan ya cika da buhu uku, to ɗaya daga cikin biyu ne: ko an cika yashi da tsakuwa an rage siminti, ko kuma kaurin bai kai ba. Ana gane na biyun idan tun kafin zubi aka sa alama a jikin rodin fila a tsayin 450 daga blandin, aka kuma sa ta 200 a bangon rami. Idan kuwa ya ci buhu shida, ramin ne ya yi faɗi, ko gangaren ya tashi a kumbure, kuma gara a gyara tun a na biyu da a gane a na goma.

Mai karatu, kafin ka biya kuɗin siminti na tushen gidanka, ka nemi zanen injiniya, ka zauna da magininka ku lissafa kowane irin gindi daban, ku ninka da yawansa, sannan ku sauka ramukan da tef ku tabbatar ƙasa ta yarda da takarda. Ranar zubi kuma ka kasance a wurin, ko ka wakilta wanda zai ƙirga buhu. Bango idan ya karkace ana rushewa a sake, rufi idan ya yi yoyo ana gyarawa, amma gindin ginshiƙi da zarar an binne shi an ɗora bene a kai, gyaransa ya fi kuɗin yin sa daidai tun farko nesa ba kusa ba.